Gahawar da aka cire wa kafeyin: yadda ake yin ta da inda ɗanɗanonta ke canzawa

"Assalamu alaikum Malam. Daga Garwa nake. Likita ya ce in rage gahawa saboda bugun zuciya da rashin barci, sai ƙanina ya kawo mini wata kwalba daga Yawunde wadda aka ce an cire mata kafeyin. Na sha na ji ta lami, kamar ba gahawa ba. Wani abokina kuma ya ce da sinadari mai guba ake wanke ta. Don Allah yaya ake yin ta? Kuma da gaske ɗanɗanonta daban ne, ko bakina ne?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi.

Ba bakinka ba ne, akwai bambanci. Sai dai yawancinsa ba daga rashin kafeyin ɗin, wato sinadarin gahawa da ke buɗe ido ya hana barci, yake zuwa ba. Yana zuwa ne daga wahalar da ƙwayar gahawa ke sha kafin a raba ta da kafeyin, da irin ƙwayar da aka zaɓa tun farko, da yadda aka soya ta, da daɗewar da ta yi kafin ta iso hannunka. Aikina suyar gahawa ne da ɗanɗana ta, don haka bari in bi da kai ta hanyar da ƙwayar ke bi, za ka ga inda ake asarar daɗin da idonka.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, ana cire kafeyin tun ƙwayar tana ɗanya, tana nan koriya-koriya, kafin ta ga wuta. Ɗanyar ƙwayar gahawa abu ce mai taurin gaske, haƙori ba ya fasa ta, kuma ba ta da wannan ƙamshin da muka sani, ƙamshin ciyawa take yi. Wuta ce ke haifar da ƙamshin gahawa daga sukari da mai da sauran abubuwan da ke cikin ƙwayar. Da za a jira sai an soya sannan a wanke, da ƙamshin ne zai fara tafiya kafin kafeyin. Shi kuwa kafeyin wuta ba ta kashe shi yadda mutane ke zato. Na sha jin masu cewa in an soya gahawa ta yi baƙi ƙirin ko an tafasa ta ta daɗe a kan garwashi, ƙarfinta ya mutu. Bai mutu ba. Tafasawar ma ƙara fito da shi take yi cikin ruwan da za ka sha. Shi ya sa wannan aiki ba na gida ba ne, na masana'anta ne.

Kafeyin ɗin kansa ɗan kaɗan ne a jikin ƙwaya. A ƙasarmu Kamaru iri biyu ake nomawa. Akwai arabika ta kan tsaunukan yamma, wajen Bafusam da Bamenda, wadda kafeyin ɗinta bai wuce kusan giram 12 a kilo ɗaya ba. Akwai kuma robusta ta ƙasa mai zafi da laima, irin ta yankin Mungo wajen Nkongsamba da ta gabas, ita tana kai giram 22 a kilo ko sama da haka. To ka ga aikin: a cikin kilo guda, giram 12 ko 22 ake nema a zaƙulo, a bar sauran abubuwa ɗaruruwa da ke ba da ɗanɗano su zauna inda suke. Matsalar ita ce ruwan zafi da ke narkar da kafeyin cikin sauƙi shi ne kuma ke narkar da yawancin waɗancan. Duk dabarun da aka ƙirƙiro a shekara ɗari da 'yan kai, wannan kulli ɗaya suke ƙoƙarin kwancewa.

Kowace hanya da jiƙa ƙwayar take farawa. Ɗanyar gahawa da ke cikin buhu laimar jikinta kashi 10 zuwa 12 ne cikin ɗari. Sai a turara ta ko a jiƙa ta a ruwan ɗumi har laimar ta ninka sau uku ko huɗu, ƙwayar ta kumbura ta yi laushi, ƙofofin jikinta su buɗe, kafeyin ya sami hanyar fita. Bayan an cire shi sai a sake busar da ita ta koma yadda take. Ka riƙe wannan kumbura da motsewa a ranka, domin a nan ne ɗanɗano ke fara raunana, ko da wace hanya aka bi.

Yanzu ga maganar abokinka, kuma maganarsa tana da tushe. Wanda ya fara yin wannan sana'a don kasuwa wani ɗan kasuwar gahawa ne na birnin Bremen a Jamus, Ludwig Roselius, wanda ya yi rajistar dabararsa a 1906. Da sinadarin benzin yake wanke ƙwayar, kuma daga baya an tabbatar cewa benzin yana jawo ciwon daji. An daina amfani da shi tun tuni. Amma labarin ya zauna a bakin mutane, kuma har yau hanyar da ta fi yawa a duniya ta sinadari ce, sai dai sinadarin ya canza.

Biyu ake amfani da su. Na farko dikuloromitan. Bayan an turara ƙwayar kamar rabin awa, sai a riƙa zagaya da wannan ruwan sinadarin ta cikinta, ana zubarwa ana sakewa, har wajen awa 10. Halinsa shi ne yana kama kafeyin ya ƙyale yawancin sauran abubuwa, shi ya sa masu ɗanɗano da yawa ke cewa gahawar da aka yi da shi ba ta nisa da asalinta. Daga nan sai a sake turara ƙwayar na awoyi masu yawa don sinadarin ya fita. A digiri 40 yake tafasa ya zama iska, wato zafin Garwa na watan Afrilu ma ya isa ya tayar da shi, ga kuma suya da ke zuwa daga baya a sama da digiri 200. Dokar Tarayyar Turai ta ce abin da zai rage a soyayyar gahawa kada ya wuce miligiram 2 a kilo ɗaya. In ka dafa kofi ɗaya da giram 10 na gari, iyakar abin da doka ta bari a cikinsa shi ne kashi ɗaya cikin hamsin na miligiram guda, tun ma kafin ruwan zafi ya taɓa shi.

Ba zan ce maka sinadarin ba shi da illa ba. Yana da ita, ga ma'aikacin da ke shaƙar tururinsa kullum a wurin aiki, kuma saboda haka ne hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana yawancin amfanin da ake yi da shi a masana'antu a 2024. Amma wanda ke tsaye a kan tanki yana shaƙa daban, mai shan kofi ɗaya da safe daban. Ni a ganina kafeyin ɗin da likita ya hana ka ya fi kusa da cutar da kai fiye da wannan ɗan burbushin. In kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, kana da zaɓi, domin akwai hanyoyin da ba su taɓa shi sam.

Sinadari na biyu shi ne etil asitet, wanda ake samun irinsa a jikin 'ya'yan itace nunannu kamar ayaba. A Kolombiya, a garin Manizales, akwai masana'antar da ke cire kafeyin da irinsa da aka samar daga ruɓaɓɓen ruwan rake, don haka za ka ga an rubuta a jikin jaka cewa hanyar rake aka bi. Matakan kusan ɗaya ne da na farko. Bambancinsa a baki shi ne yakan bar wani ɗan zaƙi-zaƙi mai kama da na nunannen ɗan itace. Wasu suna so, wasu suna jin kamar baƙon ɗanɗano ne. Ni ina cikin masu so, musamman in suyar ba ta yi duhu ba.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce ta ruwa zalla, kuma ita ce ta fi buƙatar bayani, domin na riga na ce ruwa yana kwashe komai. Ka ɗauki zoɓo, wanda 'yan'uwanmu Fulani ke kira folere. In ka jiƙa shi a farin ruwa, nan da nan zai saki jansa da tsaminsa. Amma in ka zuba sabon zoɓo a ruwan da ya riga ya yi jajir da wani zoɓon, ba zai saki wani abin kirki ba, saboda ruwan yana ɗauke da irin abin da ke jikinsa. Haka ake yi wa gahawa. Za a jiƙa kashin farko na ɗanyar ƙwaya a ruwan zafi har ta saki duk abin da ke narkewa, kafeyin da sukari da tsami da komai. Wannan kashin an sadaukar da shi. Ruwan kuma sai a tace shi ta cikin wani gawayi na musamman da ke riƙe kafeyin ya bar sauran su wuce. Abin da ya fito ruwa ne da ya cika da duk kayan gahawa in ban da kafeyin. Sai a zuba sabuwar ƙwaya a cikinsa. Sukarinta ba ya fita, tsaminta ba ya fita sosai, domin ruwan yana da nasa. Kafeyin kaɗai ne ruwan ba shi da shi, don haka shi ke fita. Ana ta zagaya ruwan, daga ƙwaya zuwa gawayi, daga gawayi zuwa ƙwaya, awa 8 zuwa 10, har kafeyin ya kusa ƙarewa. A Suwizalan aka fara tunanin dabarar a shekarun 1930, amma kamfanin da ya yi suna da ita, Swiss Water, yana Kanada ne kusa da birnin Vancouver. Akwai wata masana'anta a jihar Veracruz ta Meksiko da ke bin irin wannan hanya.

Hanyar tana da kyau, amma ita ma ba ta tsira daga aibi ba. Wannan ruwan da ake jiƙa ƙwaya a ciki an haɗa shi ne daga wasu gahawoyi, kuma ana ta amfani da shi kashi bayan kashi. Saboda haka gahawar Habasha mai ƙamshin fure da ta Birazil mai ɗanɗanon gyaɗa, in sun fito, sukan matso kusa da juna. Kowace ta rasa ɗan abin da ya bambanta ta, tsamin nan mai daɗi da ke farkar da harshe ya ragu.

Ta huɗu ba zan daɗe a kanta ba. Wani masanin sinadarai a Jamus, Kurt Zosel, ya gano a shekarun 1960 cewa iskar kabon dayoksaid, wadda ke sa lemon kwalba kumfa, in an matse ta da ƙarfi sosai tana da ɗan ɗumi, takan shiga wani hali tsakanin iska da ruwa, ta ratsa jiƙaƙƙiyar ƙwaya ta ɗauko kafeyin ta bar sauran. Matsin da ake buƙata ya ninka na iskar da muke shaƙa sau ɗari biyu zuwa ɗari uku, don haka tankunan ƙarfen suna da tsadar gaske, sai manyan kamfanoni. Kafeyin ɗin da aka cire kuma ba zubarwa ake yi ba, ana tace shi a sayar wa masu yin lemon kwalba da magunguna.

Duk waɗannan masana'antu a Turai da Amurka ta Arewa da ta Kudu da wasu ƙasashen Asiya suka fi yawa. Ma'ana, gahawar da ke cikin kwalbarka ta hau jirgin ruwa ta je an wanke ta, an kai ta wani wuri an soya, sannan ta sauka Duwala, ta hau mota ko jirgin ƙasa. Wannan doguwar tafiya ita ce ta sa take da tsada, ita ce kuma ta sa sau da yawa ta tsufa kafin mu sha.

Kafin in shiga ɗanɗano, akwai lissafin da ya shafi lafiyarka kai tsaye. An ce an cire kafeyin, amma ba a cire shi duka. Ƙa'idar Turai ita ce soyayyar ƙwaya kada ta wuce giram 1 na kafeyin a kilo, garin da ke narkewa a ruwa kuma, irin wanda muke kira neskafe, kada ya wuce giram 3 a kilo. Mu ɗauki kilo ɗaya na robustar Mungo mai giram 22. In aka dafa maka kofi da giram 10 na garinta, kana iya shan kafeyin da ya kusa miligiram 200. In aka kai wannan kilon masana'anta aka sauko da shi zuwa giram 1, kofin nan ɗaya ba zai wuce miligiram 10 ba, galibi ma 2 zuwa 5 ake samu. Na kwalba kuma, ƙaramin cokali ɗaya kamar giram 2 ne. Na yau da kullum yana ba ka wajen miligiram 60, wanda aka cire wa kuma bai wuce 6 ba. Ga yawancin mutane wannan bai kai ya hana barci ba. Amma in kai mai cika cokali uku ne a kofi, kana sha sau biyar a yini, ka ga ya taru ya kai kofin gahawa na gaske. Ka faɗa wa likitanka yawan da kake sha, shi ya san yanayin zuciyarka.

Kada kuma ka bar gahawa ka riƙe goro da shayi kana ganin ka bi umarnin likita. Goro yana da kafeyin mai yawa, busasshensa ba ya kasa gahawa, haka ma koren shayin nan mai kauri da ake dafawa sau uku a majalisa. Na ga mutanen da suka sayi gahawa mai tsada wadda aka cire wa kafeyin, suna kurɓa suna tauna goro, sannan su ce ba ta yi musu amfani ba.

To, ɗanɗano. Kafeyin yana da ɗaci, amma kasonsa a ɗacin gahawa ƙarami ne, masana suna ƙiyasta shi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Sauran ɗacin daga wasu sinadarai yake da wuta ke sarrafawa lokacin suya. Don haka in da za a iya zare kafeyin ba tare da an taɓa komai ba, da ɗan sassaucin ɗaci kawai za ka ji, a robusta ya fi fitowa saboda nata ya fi yawa. Abin da ka kira lami daga wani wuri yake.

Ƙwayar da ta kumbura ta motse ba ta komawa yadda take. In ka ɗebo ɗanyar gahawa ta yau da kullum a tafin hannu ɗaya, wadda aka cire wa kafeyin a ɗayan, ba sai an gaya maka ba. Ta farko koriya ce mai ɗan sheƙi. Ta biyu ta yi ruwan ƙasa, wata har kamar an fara soya ta, fatarta ba sheƙi, kuma ta fi saurin karyewa. Wani ɓangare na sukarinta da abubuwan da wuta za ta mayar ƙamshi sun tafi ko sun canza. Abin da ke biyo baya a kofi shi ne ƙamshin da ke tashi ya bugi hanci ya ragu, ruwan ya yi ɗan sirantaka a baki, ɗanɗanon kuma ba ya daɗewa a maƙogwaro bayan an haɗiye. In aikin bai yi kyau ba, za ka ji wani ɗanɗano kamar na jiƙaƙƙen kwali ko dafaffen hatsi. Wannan shi ne babban alamar da muke gane ta da shi.

Suya kuma tana da nata tarkon, kuma a nan ne hannun mai sana'a ke bayyana. Mai suya da ido da kunne yake aiki. Yana kallon ƙwaya tana tashi daga kore zuwa rawaya zuwa ruwan ƙasa, yana sauraron lokacin da za ta fara fashewa ƙas-ƙas, domin daga nan ne yake ƙirga sauran lokacin. Wadda aka cire wa kafeyin ta riga ta yi duhu tun kafin ta shiga kasko, ƙarar fashewarta kuma ƙasa-ƙasa ce, in injin yana da hayaniya ba za ka ji ba. Sai ɗayan biyu ya faru. Ko mai suya ya ga duhun ya zaci ta yi, ya sauke ta cikinta bai nuna ba, ta ba da ɗanɗanon ɗanyar gyaɗa da tsami marar daɗi. Ko kuma ya tsaya jiran ƙarar da ta riga ta wuce, ta ƙone, ta zama ɗacin gawayi kawai. Ni nakan rage wuta tun da wuri, in dogara da hanci da agogo, sannan in fasa ƙwaya ɗaya in duba launin cikinta, domin na waje yaudara ne. Bayan suya kuma mai yakan fito a jikinta da wuri ko da ba ta yi duhu sosai ba, kuma man da ya fito fili iska ke lalata shi. Shi ya sa take saurin tsufa fiye da 'yar'uwarta, ga shi a shagunanmu ita ce ta fi daɗewa a kan kanta ba a saya ba, cikin zafin nan namu.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Cire kafeyin kuɗi ne, nauyin ƙwaya kuma yana raguwa. Don farashi ya daidaita, an daɗe ana tura ƙwaya mai araha ce masana'anta, ba ta sahun gaba ba. Ƙwayar da ba ta da daɗi tun a gona ba za ta dawo daga wanki da daɗi ba. Yawancin baƙin jinin da wannan gahawa ta yi daga nan ya samo asali. Na ɗanɗana arabika mai kyau da aka bi da ita ta hanyar rake aka soya ta da kulawa, kuma na tabbata in aka ba mutum goma ba a gaya musu ba, yawancinsu ba za su ce komai ba sai dai su nemi ƙari.

Taka kuma ta kwalba ce, wato an dafa ta a masana'anta an busar da ruwan ya zama gari. Wannan ma yana cin ƙamshi, ko da kafeyin ko babu. In a da ka saba da gahawar da ake soyawa a daka a dafa da citta da kanumfari irin ta 'yan'uwanmu na Cadi, to nisan da ka ji nisa biyu ne a haɗe, na wanki da na busarwa.

Saura abu guda wanda ba a harshe yake ba. Mai shan gahawa kullum jikinsa ya saba, minti ashirin ko talatin bayan kofi sai ido ya buɗe, kasala ta tafi. In wannan bai zo ba, sai zuciya ta ce gahawar ce ba ta da daɗi. Ga kuma ciwon kan da ke kama wanda ya yanke kafeyin farat ɗaya, irin wanda masu shayi suka sani a farkon azumi. Yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya yi kwana biyu har zuwa mako guda ko sama da haka kaɗan, sannan ya tafi. Mutane da yawa sukan ɗora wa sabuwar gahawar laifin wannan ciwon kai, su ce sinadarin da aka wanke ta da shi ne, alhali rashin kafeyin ne. In likita bai ce ka yanke nan take ba, ka haɗa rabi da rabi na mako guda, sannan kashi ɗaya na tsohuwa da kashi uku na sabuwa, har ka koma kanta gaba ɗaya. Kai da harshe duka za su bi a hankali.

In kana son ka raba abin da ke harshe da abin da ke zuciya, ga gwajin da muke yi a wurin aiki, kuma ana iya yin sa a tsakar gida. Ka samo gahawa biyu masu kama da juna, duka na kwalba ko duka na ƙwaya, ɗaya da kafeyin ɗaya babu. Uwargida ta haɗa kofi uku ba ka gani, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, awo ɗaya, ruwa ɗaya, ba sukari. Ka bari su ɗan huce, domin zafi yana ɓoye aibi. Ka kurɓa kaɗan-kaɗan, ba sai ka haɗiye ba, ka nuna wanda ya bambanta. Mai cinta kawai ma yana dacewa sau ɗaya cikin uku, don haka a maimaita sau biyar ko shida a ranaku daban. Sannan a sake gwajin da madara da sukari yadda ka saba sha. A baƙar gahawa mai yiwuwa ka gane. Da madara da sukari kuwa, mutane ƙalilan ne ke iyawa.

Wurin saye, ka duba ranar suya ko ranar ƙarewa, ka ɗauki ƙaramar jaka ko ƙaramar kwalba wadda za ta ƙare cikin wata guda. In an rubuta arabika zalla, ya fi. In an rubuta hanyar da aka bi, ta ruwa ko ta rake ko ta iska, alama ce cewa mai ita yana alfahari da kayansa. In ba a rubuta ba, galibi ta sinadari ce. Ka kula da masu haɗin cikori, domin wasunsu gahawa ce ta yau da kullum aka gauraya da saiwar cikori, kafeyin ɗinta yana nan, an dai rage shi. Soyayyen ƙwallon dabino da wasu ke dakawa su sha shi kam ba kafeyin a cikinsa ko kaɗan, sai dai ba gahawa ba ne, abin sha ne mai zaman kansa.

Wurin dafawa kuma ka ƙara awo kaɗan. Inda kake zuba giram 10 ka zuba 12, zai cike sirantakar da na ambata, kafeyin ɗin da zai ƙaru kuma bai kai a yi magana ba. Kada ka bar ta tana tafasa a kan wuta, ka sauke ruwan ya yi kamar rabin minti sannan ka zuba. Garinta ya fi laushi saboda ƙwayar na saurin farfashewa, don haka in kai ke niƙawa kada ka niƙa ta lilis, za ta yi ɗaci marar ƙamshi. Ɗan citta ko kanumfari biyu suna yi mata kyau ƙwarai, sun fi dacewa da ita ma fiye da gahawa mai ƙamshin kanta. Ka rufe murfi da kyau, ka ajiye ta a wuri mafi sanyi a ɗaki, nesa da kayan yaji da sabulu, domin tana jan wari.

Wani abu da zai ba ka sha'awa a matsayinka na ɗan Kamaru: a dajin Bakosi da ke kudu maso yammacin ƙasar nan an samu wata bishiyar gahawa ta daji wadda Allah ya halitta ba kafeyin a 'ya'yanta. Masana sun bayyana ta a 2008 suka sa mata suna Coffea charrieriana. A Birazil ma a 2004 masu bincike sun ba da rahoton wasu bishiyoyin arabika 'yan asalin Habasha da kusan babu kafeyin a jikinsu. Da irin waɗannan za su yi yabanya mai yawa da ɗanɗano mai kyau a gona, da an huta da jiƙawa da turarawa da busarwa, ƙwaya ta tafi kasko yadda aka tsinko ta. Masu bincike suna ta aure tsakaninsu da irin da ake nomawa, amma bishiyar gahawa sai ta shekara uku ko huɗu kafin ta fara 'ya'ya, kowane gwaji ɗaya shekaru yake ci, kuma har yanzu ba su kai ga cika buhunan kasuwa ba. Wadda za ka samu a shagunan Garwa ko Ngaundare a yau, ta ɗaya daga cikin hanyoyin nan huɗu ta biyo.